Ginshiƙi ɗaya ya tsage, ɗayan lafiya lau: yadda nauyi ke rabuwa a ƙarƙashin ƙarfen falan

Tambaya: "Malam injiniya, barka da aiki. Ina da garejin manyan motoci a unguwar Zariya, nan Maradi. Mun gina ginshiƙai biyu na bulo, muka gicciya ƙarfen IPN 160, irin mai siffar harafin I ɗin nan, a kansu, tsakaninsu mita 4, muka rataya falan, wato na'urar ɗaga kaya mai sarƙa, don ciro inji. Inji da falan ɗin za su kai kilo 800. Saboda yadda mota ke shigowa, falan yana wajen mita 1 daga ginshiƙin hagu. Ni a lissafina kowane ginshiƙi kilo 400 yake ɗauka. To ga shi na hagu ya tsage a ƙarƙashin bakin ƙarfen, na dama ko gezau. Maginin ne ya ha'ince ni, ko lissafina ne ba daidai ba? In sayi ƙarfe mafi kauri, ko in ƙara ginshiƙi na uku a tsakiya?"

Amsa: Barka kadai, maigida. Kafin ka je ka tuhumi magini, zauna mu sake lissafin tare, domin ginshiƙin hagu bai taɓa ɗaukar kilo 400 ba tun ranar da kuka fara aiki. Kilo 600 yake ɗauka, na dama kuma 200. Wato ɗaya yana shan wahala ninki uku na ɗan'uwansa. Mai yiwuwa maginin ma yana da nasa laifin, za mu zo kansa, amma rabin-da-rabin nan da ka yi ba ya faruwa sai in nauyin yana tsakiya cif.

Abin da ya sa na san za ka gane da wuri shi ne jikinka ya riga ya san wannan doka. Ka tuna lokacin da kake yaron gareji, aka ce ku biyu ku ɗauko giyabos a rataye jikin fayif, kai a gaba, abokinka a baya. Mai wayo a cikinku yakan lallaɓa ya zame igiyar zuwa ɓangaren ɗan'uwansa. Nauyin giyabos bai ragu ba ko da giram ɗaya, amma kafaɗar wanda kayan ya matso kusa da shi ita ke kuka. Ginshiƙanka biyu kafaɗu ne, sai dai su ba su da bakin yin ƙorafi, tsagewa kawai suke yi.

Sharuɗɗa biyu da ke riƙe ƙarfen wuri ɗaya

Inji yana jan ƙarfen ƙasa. Ƙarfen yana danna kan ginshiƙai. Ginshiƙai kuma suna mayar da turi zuwa sama, daidai gwargwadon yadda aka danne su. Wannan turin da madogara ke mayarwa shi ne malaman fasaha ke kira reyaksiyon, ni kuma a nan zan kira shi martani. A takarda ana kiran na hagu RA, na dama RB, nauyin da aka rataya kuma P.

Ƙarfen yana nan a zaune, bai faɗo ba, bai tashi sama ba. Ke nan abin da ke tura shi sama daidai yake da abin da ke jan sa ƙasa. Wannan shi ne sharaɗi na farko:

```
RA + RB = P
RA + RB = 800
```

Amma wannan kaɗai bai raba gardama ba. 400 da 400 sun ba da 800, haka ma 600 da 200, haka ma 790 da 10. A nan lissafinka ya tsaya, sai ka zaɓi rabon da ya fi kama da adalci. Akwai sharaɗi na biyu, wanda shi ke yanke hukunci: ƙarfen ba ya juyawa. Gefe ɗaya bai nutse ba, ɗayan bai ɗaga ba.

Juyawa kuwa sana'arka ce. In noti ya ƙi kwancewa, ba ka nemo ƙato ba, fayif kake zura wa kile, ko sifana kamar yadda abokan aikinku na Katsina ke cewa, ka ƙara masa tsawo. Ƙarfin hannunka yana nan yadda yake, amma da ka ninka tsawon hannun kile sai ƙarfin murɗawa ya ninku. Saboda haka ƙarfin juyawa shi ne nauyi sau nisansa daga wurin da ake juyawa. A littafi sunansa moman.

Yanzu ka ɗauka kan ginshiƙin hagu shi ne notin, ƙarfen IPN kuma shi ne kilen. Inji yana rataye a nisan mita 1 yana son ya juya ƙarfen ƙasa, ƙarfin juyawarsa 800 sau 1. Ginshiƙin dama yana can nisan mita 4 yana hana shi, nasa RB sau 4. Shi kuwa ginshiƙin hagu ba ya cikin wannan kokawa, domin yana kan notin ne, nisansa sifiri. Dabarar ke nan: mun zaɓi wurin da zai fitar da ɗaya daga cikin abubuwa biyun da ba mu sani ba, ya bar mu da guda.

```
RB × 4 = 800 × 1
RB = 200
RA = 800 − 200 = 600
```

Ni ba na tsayawa a nan. Kullum ina juya lissafin, in mai da ginshiƙin dama shi ne notin. Daga can inji yana nisan mita 3, ginshiƙin hagu yana nisan mita 4. RA sau 4 daidai da 800 sau 3, wato 2400, a raba da 4, ya ba da 600. Hanya biyu sun kai gida ɗaya. In ba su kai ba, akwai kuskure a wani wuri, kuma gara ka gano shi a takarda.

In aka rubuta shi yadda zai yi aiki ga kowane ƙarfe, da `a` a matsayin nisa daga hagu zuwa nauyin, `b` daga nauyin zuwa dama, `L` kuma duka tsakanin madogaran biyu:

```
RA = P × b / L
RB = P × a / L
```

Ka lura da abin da ke ba mutane ruwa a nan. Martanin hagu da nisan dama ake lissafa shi, na dama kuma da nisan hagu. A gicciye suke. Na sha duba takardun yaran da ke zuwa koyon aiki wurina daga makarantun fasaha, kuma wannan ne kuskuren da ya fi maimaituwa: yaro zai rubuta RA da `a` saboda harafin ya yi kama, ya samu 200 a hagu da 600 a dama. Abin haushin shi ne in ya tara zai samu 800, sai ya yi murna cewa lissafi ya fita. Tarawa ba ta kama wannan kuskure. Abin da ke kama shi tambaya ce guda: wane ginshiƙi kayan ya fi kusa da shi? To shi ne dole ya samu babban kaso. In takardarka ta ce akasin haka, ka musanya su.

Ka gwada da idonka

Ba sai ka yarda da ni ba. Ka ari sikeli biyu wurin masu awon hatsi, ka ajiye su a daɓe ɗaya mai ƙwari marar tudu da kwari. Ka ɗora guntun fayif ko siririn katako a tsakiyar kowane sikeli, ka gyara har tsakanin guntayen biyu ya zama mita 2 daidai, sannan ka shimfiɗa katako mai ƙwari a kansu. Da farko ka rubuta abin da kowane sikeli ya nuna da katakon kaɗai; in katakon kilo 10 ne kuma ya zauna daidai, za ka ga 5 da 5. Wannan za ka riƙa cirewa.

Sai ka kawo buhun siminti, kilo 50. Ka ɗora shi a tsakiya, za ka ga ƙarin 25 da 25. Ka matsar da shi har tsakiyar buhun ta zo santimita 40 daga hagu: na hagu zai nuna ƙarin 40, na dama 10. Ka ci gaba da jan buhun a hankali kana kallon allura. Duk abin da ya ragu a can, nan yake ƙaruwa, kuma a miƙe yake tafiya, babu tsalle: kowane santimita 20 yana kwashe kilo 5 daga wannan sikeli ya kai wa wancan. Guntayen fayif ɗin nan ba ado ba ne. In ka ɗora katakon kai tsaye a faffaɗan bakin sikeli, da ya ɗan lanƙwasa sai ya koma dogara da gefen ciki, tsawon da ka auna ya canja, lambobin su ƙi fita daidai, ka ce injiniya ya yi ƙarya.

Wannan ma ya shafi mita 4 ɗinka. Tsawon da ake sawa a lissafi ba daga fuskar ginshiƙi zuwa fuskar ginshiƙi ba ne, daga tsakiyar wurin da ƙarfen ya zauna ne zuwa tsakiyar ɗaya wurin. A tsawon mita 4 bambancin ba shi da yawa, amma ka sake aunawa, kuma ka auna mita 1 ɗin daga wannan tsakiyar zuwa inda falan yake rataye, ba zuwa bakin inji ba.

Abin da 600 ɗin nan bai ƙunsa ba

Shi kansa ƙarfen yana da nauyi. IPN 160 yana da kusan kilo 18 a kowace mita. In tsawonsa duka mita 4 da santimita 20 ne, ya kai wajen kilo 75. Shi wannan a shimfiɗe yake daidai daga baki zuwa baki, saboda haka a nan rabin-da-rabinka ya yi aiki: kusan kilo 38 kowane gefe. Hagu ya koma 638, dama 238.

In za ka nuna wa wani injiniya takardar, zai so ya gan ta da niyutan, ba kilo ba, domin kilo awon yawan abu ne, niyutan kuma awon ƙarfi. Ana ninka kilo da 9,81, saboda haka 800 ya zama 7848 N, a wurin aiki kuma mukan ce 8 kN, wato niyutan dubu takwas, mu wuce. Rabon bai canja ba: 6 kN da 2 kN. Abin kiyayewa kawai kada a cakuɗa su a layi ɗaya.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne falan ba ya zama wuri guda. Yau yana mita 1 saboda motar yau. Gobe wata za ta shigo a karkace, yaro ya zame sarƙar zuwa santimita 50 daga ginshiƙi, martanin hagu ya zama 800 sau 3 da rabi a raba da 4, wato 700. A santimita 30 ya zama 740. Jibi kuma a juya mota ta ɗaya gefen, na dama da ke hutawa da 200 ya wayi gari da 700. Saboda haka in nauyi mai yawo ne, ba a gina ginshiƙi don kasonsa na yau. Kowanne a cikin biyun ana gina shi kamar shi kaɗai zai ɗauki kilo 800 ɗin, a ƙara masa rabin nauyin ƙarfe.

Sannan lissafin nan na kayan da ke rataye shiru ne. Ciro inji ba shiru ba ne. Wani lokaci an manta noti ɗaya ba a kwance ba, ko inji ya maƙale jikin giyabos, yara suna ta jan sarƙa, falan yana ƙoƙarin ɗaga gaban motar gaba ɗaya. A wannan lokacin abin da ƙarfen ke ji ya wuce 800, kuma babu sikelin da ke nuna maka. Da abin ya saki sai inji ya yi tsalle ya dawo. Ko a littafi, nauyin da aka saki a kan ƙarfe farat ɗaya, ba tare da ya faɗo daga sama ba ma, yana iya yin aikin ninkinsa biyu na ɗan lokaci. Ni dai a falan na hannu da ake ja a hankali, ina ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu kafin in fara maganar ƙarfin bulo ko kankare. A naka, kowane ginshiƙi ya tashi da tan ɗaya da ɗoriya. Ka kwatanta da 400 ɗin da ka lissafa.

Ƙarfe mafi kauri ba zai ceci ginshiƙin ba

Ka sake duban lissafin da muka yi. Akwai nauyi, akwai nisa. Babu kaurin ƙarfe a ciki, babu irinsa. Ko IPN 160 ne, ko 200, ko azarar giginya irin ta soron kakanninmu, in dai yana zaune a kan madogara biyu, tsakaninsu mita 4, kaya kuma a mita 1, to 600 da 200 ne. In ka sayi IPN 200 abin da ginshiƙin zai samu kawai shi ne ƙarin nauyi, domin shi ya haura kilo 26 a mita. Ka kashe kuɗi a inda ba ya ciwo.

Kaurin ƙarfe yana amsa wata tambaya ce daban, wato ko ƙarfen kansa zai lanƙwashe. Ita ma daga martanin ake fara ta. Inda lanƙwasa ta fi tsanani shi ne ƙarƙashin ƙugiyar, kuma ana samun ta da ninka martani da nisansa: 600 sau mita 1, ko daga ɗaya gefen 200 sau mita 3, duk 600 ne. In falan yana tsakiya, 400 sau mita 2, wato 800. Ka ga abin da ya fito: wurin da ya fi sauƙi ga ginshiƙai, tsakiya, shi ne mafi wahala ga ƙarfe, wurin da ya fi sauƙi ga ƙarfe, kusa da baki, shi ne mafi wahala ga ginshiƙi. Shi ya sa ake lissafi sau biyu, ɗaya don ƙarfe da kaya a tsakiya, ɗaya don ginshiƙi da kaya a baki. A kan lambobin da ka ba ni, IPN 160 na gaskiya, wanda tsatsa ba ta ci ba kuma ba a haɗa shi da walda a tsakiya ba, yana da sarari a wannan aiki. Ba shi ne mai ciwon ba.

Me ya sa kilo 600 zai tsaga ginshiƙi?

Ga inda maginin ya shigo. Kilo 600 ba wani abu ba ne ga ginshiƙi in ya bazu a kansa duka. Matsalar ita ce ba ya bazuwa. Faɗin tafin IPN 160 santimita 7 ne da ɗan ɗoriya. In ƙarfen ya hau ginshiƙi da santimita 20, wurin zaman ya kai kusan santimita murabba'i 150, kowanne yana ɗauke da kilo 4 da wani abu. In kuwa da santimita 5 kawai ya hau, kamar yadda nakan gani in ƙarfe ya ɗan gaza tsawo aka ce a lallaɓa, wurin ya koma 37, kowanne yana ɗauke da kilo 17. Kuma in bulon mai rami ne ba a cika shi ba, yawancin tafin ƙarfen a kan iska yake, siririn bangon bulo ne kaɗai ke ɗauka. Ka haɗa wannan da bulon da aka buga da ƙarancin siminti, aka bar shi a ranar Afrilu ba a shayar da shi ruwa ba, ba ka buƙatar aljani ya tsaga shi.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. In an ɗora kaya, ƙarfen yana ɗan lotsawa, bakinsa ya ɗan karkata, sai nauyin ya taru a leɓen ciki na ginshiƙi maimakon tsakiyarsa. Shi ya sa ɓallewar takan fara daga leɓen da ke kallon cikin gareji.

Na taɓa ganin irin wannan a wani wurin niƙa a hanyar Tibiri, inda suka rataya injin dizal don gyara. Mai wurin ya rantse mini ginshiƙan tare aka gina su, da bulo ɗaya, rana ɗaya, don haka sai dai in hannu aka sa masa. Na hau tsani na sa yatsa a ƙarƙashin bakin ƙarfen, sai garin bulo ya zubo mini a hannu kamar tsaki. Ƙarfen ya nutse kusan kaurin ɗan yatsa cikin bulon sama, ga tsaga biyu sun sauko a tsaye daga gefen tafinsa har layi na uku. Da muka auna, ƙugiyar tana ƙasa da mita ɗaya daga wannan ginshiƙin. Ɗaya ginshiƙin bulonsa bai fi wannan kyau ba ko kaɗan, kaya ne kawai bai taɓa zuwa kusa da shi ba.

Siffar tsagar tana faɗin abin da ya kawo ta, don haka ka je ka dube ta da kyau. In a tsaye take, ta taso daga ƙarƙashin ƙarfen tana saukowa, ga ɓarɓashi a leɓe, to dannewa ce ta wuri ƙarami, kuma bayaninka ya fi kama da wannan. In a kwance take, tana bin layin siminti can ƙasa kusa da gindi, ta buɗe a gefe ɗaya, to ana tura ginshiƙin ne ta gefe. In kuwa ginshiƙin duka ya karkata ko daɓen gindinsa ya rabu da shi, to tushe ne ke nutsewa, abin da ba baƙo ba ne a rairayin nan namu in ruwan wankin inji ko na damina yana kwanciya a gindin gini.

Turin gefe ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin lissafin RA da RB yana ɗauka cewa sarƙa a tsaye take sak. A gareji kuwa sau da yawa inji ba ya ƙarƙashin falan daidai, sai a ja shi a karkace, ko a tura shi gefe don ya kauce wa kan mota. In daga ƙarfe zuwa inji mita 2 ne, aka kauce da santimita 50, to kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin, kilo 200, yana jan ƙarfen a kwance. Ginshiƙin bulo gwani ne wajen ɗaukar abin da ke danna shi daga sama, amma rago ne in an ture shi daga kai. Kilo 200 a saman ginshiƙi mai tsawon mita 3 kile ne mai dogon hannu, notin kuma gindin ginshiƙin ne. Motar ake matsarwa ta zo ƙarƙashin ƙugiya, ba ƙugiyar ake ja ta je wurin mota ba.

Ginshiƙi na uku

Ban ba ka shawararsa ba. Na farko, zai tsaya a inda mota ke shiga. Na biyu, da zarar madogara sun zama uku, sharuɗɗa biyun nan namu ba sa isa, domin abubuwan da ba a sani ba sun zama uku. Daga nan rabon ya koma hannun taurin ƙarfe da tsawon kowane ginshiƙi. In na tsakiya ya gaza da kaurin ashana biyu ko uku, zai iya zama bai ɗauki komai ba sai ƙarfen ya lotsa ya same shi. In ya fi su tsawo, sai ya kwashe kusan komai, kuma in kaya yana ɓangare ɗaya, bakin ƙarfen na can nesa yana iya ɗagawa daga kan ginshiƙinsa. Ko da an daidaita shi sarai, da falan a mita 1 tsakanin na hagu da na tsakiya, na hagu zai sauko ne zuwa wajen kilo 300 da wani abu, amma ranar da aka matso da falan bakinsa zai sake ɗaukar kusan komai. Kyawun madogara biyu shi ne ba ruwansu da wannan duka: ko ɗaya ya nutse da santimita guda, rabon yana nan 600 da 200.

Haka kuma lissafin ya daina aiki in aka binne bakin ƙarfen biyu cikin kankare aka ɗaure su tamau, ko kuma aka rataya kaya a guntun da ya zarce ginshiƙi. A na biyun, ginshiƙin kusa yana ɗaukar fiye da nauyin kayan, na nesa kuma ana ɗaga shi ne maimakon danna shi.

Abin da zan yi in nawa ne: a daina ɗaga komai da wannan falan daga yau, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashinsa. A tokare ƙarfen, a sauke shi, a rushe ginshiƙin hagu aƙalla har ƙasa da inda tsagar ta ƙare. Shafe tsaga da siminti rufe ido ne kawai. Mafi kyau a zuba ginshiƙan biyu da kankare da rodi, a kan tushe mai faɗi da ya sauka ƙasa mai ƙwari, a kuma ɗaure su da bango ko tokari don kada su yi rawa. In dole sai bulo, ya zama cikakke marar rami, a zuba masa hular kankare da rodi mai kaurin santimita 20 a kai. A kan hular a kafa farantin ƙarfe mai kaurin kamar santimita 1, a tsakiyar ginshiƙi ba a leɓe ba, ƙarfen ya hau shi da santimita 15 zuwa 20. Na dama ma a yi masa haka, ko da yake yau lafiyarsa lau.

Baki ɗaya a ɗaure shi da noti. Ɗaya bakin a yi masa ramin noti mai ɗan tsawo da ƴan sanduna a gefe, yadda ba zai zame ko ya kife ba, amma zai iya ɗan motsi ta tsawonsa. Ƙarfe mai mita 4 yana ƙaruwa da kusan milimita 1 da rabi in zafinsa ya hau da digiri 30, kuma tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara ƙarƙashin kwano a Maradi ana samun haka har da ƙari. In ka walde bakin biyu ƙam, wannan ɗan motsin ginshiƙai zai riƙa turawa. A ƙarshe a walda ɗan tsinken ƙarfe a jikin IPN ɗin, santimita 40 ko 50 daga kowane baki, don falan ya kasa wucewa.

Girman rodi da faɗin tushe ba abin da za a yanke daga wasiƙa ba ne, sai wanda ya tsaya a wurin ya tona ƙasar ya gani. In ka kira shi, ka ba shi nauyin injin da ya fi kowanne girma da ke shigowa garejinka, ba wanda kuka ciro jiya ba, ka kuma gaya masa falan yana yawo daga wannan baki zuwa wancan.